Yadda bil ɗin wutar gidanmu ya tashi daga dubu goma zuwa dubu saba'in, da yadda aka gyara shi

Gidanmu yana Sabuwar Unguwa a cikin garin Katsina, kuma ba mu da mita. Duk wata ana kawo mana takardar bil ta ƙiyasi, kuɗin yana yawo a kusa da dubu goma, wani watan ya ɗan hau, wani watan ya ɗan sauka. Ni ke biya tun bayan rasuwar mahaifinmu, ko da yake har yanzu sunansa ne a kan takardar. Bil ɗin watan Yuni na 2024 naira dubu goma ne da 'yan ɗaruruwa. Na watan Yuli da aka kawo a farkon Agusta sai ga naira 72,068. Ba mu sayi na'urar sanyaya ɗaki ba, ba mu kafa injin markaɗe ba, firji ɗaya ne da fankoki uku da talabijin da ƙwayayen fitila kamar kullum. Na tare yaron da ke raba bil a layinmu na nuna masa. Ya duba ya ce, "Yallaɓai, daga kwamfuta ne, kowa ma kuka yake. Ka biya abin da ka saba, za a gyara." Na biya dubu goma wajen mai POS na ajiye rasit. Na Agusta ya zo, 72,068. Na sake biyan dubu goma. Da na Satumba ya iso, jimillar da ke ƙasan takardar ta kai naira 224,204, Hajiyarmu kuma ta fara maganar a sayar da tumakin da take kiwo kafin masu tsani su zo su yanke.

Wanda ya fara buɗe mini ido wani dattijo ne da muke sallah masallaci ɗaya, tsohon ma'aikacin wuta da ya yi ritaya. Bayan la'asar na miƙa masa takardar ina cewa, "Baba, dubi zaluncin da ake mana." Ya sa tabarau, bai ko kalli jimillar ba. Ya ce, "Ɗana, in ka je ofis ka ce kuɗi sun yi yawa, kowa abin da yake faɗa ke nan, za su ba ka haƙuri ka dawo gida. Sai ka nuna masu layin da ba daidai ba." Ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce abu uku ne kawai ake haɗawa a sami wannan jimillar: yawan yunit da aka ce ka sha, farashin kowane yunit, da bashin baya. Yunit shi ne ake rubutawa kWh. A ninka yunit da farashi, a ɗora harajin VAT na kashi bakwai da rabi cikin ɗari, an sami kuɗin wata. A haɗa da bashin baya, a cire abin da ka biya, an sami jimilla.

A nan kan tabarmar masallaci muka buga lissafin a waya. Takardar Yuni ta ce yunit 190, farashin yunit naira hamsin da 'yan kwabbai, zan bar shi a hamsin cif don lissafin ya yi sauƙin bi. Yunit 190 sau hamsin ya ba da 9,500, haraji 712 da kwabo hamsin, ga dubu goman da muka saba. Takardar Yuli kuwa yunit 320 aka rubuta, farashin yunit naira 209 da kwabo hamsin. Ninkawar ta ba da 67,040, haraji 5,028, jimilla 72,068. Wato kwamfutar ba ta yi kuskuren lissafi ba ko na kwabo. Abin da aka ba ta ne ya canza, kuma wuri biyu ya canza lokaci guda: yunit ya ƙaru, farashi ya ninka fiye da sau huɗu. Baba ya ce in abu biyun nan suka tashi tare ga wanda ba shi da mita, to a duba sunan fida.

Fida ita ce babban layin da ke ɗauko wuta daga tasha ya rarraba wa taransifomomin unguwanni. Tun 2020 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sa aka raba masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon awowin da ake sa ran fidarsu za ta samu a rana. Rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba gida ake sa wa rukuni ba, ba kuma unguwa ba, fida ake sa wa. Shi ya sa za ka ga gida biyu suna kallon juna, titi ne kawai tsakaninsu, ɗaya yana A ɗaya yana C. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin rukunin A kaɗai zuwa naira 225, a watan Mayu aka rage shi zuwa 206 da kwabo tamanin, a Yuli ya koma 209 da kwabo hamsin. Sauran rukunan ba a taɓa su ba a wannan ƙarin. Saboda haka ganin 209.50 a takardarmu ya isa shaida cewa an mai da mu rukunin A. Muka duba sama wajen da aka rubuta Feeder, sai ga sunan da ke takardar Yuli daban da na Yuni. An ɗauke akawun ɗinmu daga fidar da muke kai an liƙa shi a kan wadda ta bi ta bakin babban titi.

Ƙarin yunit ɗin ma daga nan ya fito. Wanda ba shi da mita ba a yarda a rubuta masa yunit da ka ba. Tun watan Fabrairu na 2020 NERC ta kafa iyakar yunit da za a iya ɗora wa mai bil na ƙiyasi, kuma yanzu wata-wata take fitar da jerin a shafinta na intanet, kowane kamfani da nasa, kowace fida da iyakarta. Ana ciro iyakar ne daga abin da masu mita da ke kan fidar suke sha da kuma yawan wutar da fidar ta samu, don haka fidar da ke samun wuta da yawa iyakarta ta fi girma. Da aka mai da mu can, sai muka gaji farashinsu da iyakarsu gaba ɗaya. Wannan doka ba ta takarda ba ce kawai. A farkon 2024 hukumar ta zaftare wa kamfanonin raba wuta goma sha ɗaya sama da naira biliyan goma saboda sun wuce iyakar a watanni tara na farkon 2023, ta kuma umarce su su mayar wa mutane rarar a cikin bil.

Da dare na yi wani lissafi don kaina. A wata mai kwana talatin, in ana ba mu awa goma sha biyu kullum, awa 360 ke nan. Kafin gida ya sha yunit 320 a cikin awa 360 sai yana jan kusan wat 900 duk lokacin da akwai wuta, dare da rana, alhali fankokinmu uku da firjin da talabijin da fitilun ko an kunna su gaba ɗaya da ƙyar su kai rabin haka. Lissafin ya kwantar mini da hankali cewa ba mafarki nake ba, amma gaskiya bai yi mini aiki a ofis ba, domin ba wanda ke da hanyar tabbatar da abin da ka kunna a ɗakinka. Abin da ya yi aiki takardun maƙwabta ne. Na bi gida uku da muke kan taransifoma ɗaya na roƙi bil ɗinsu na Satumba na ɗauki hoto. Duka ukun tsohon sunan fida ne a jiki, duka rukunin C. Na ɗauki hoton taransifomar da falwayar da wayarmu ta sauko daga gare ta, yadda za a ga ita ce dai ta maƙwabcina. Sannan na je shagon kwamfuta kusa da Ƙofar Ƙaura, yaron ya sauko mini da jerin iyakar yunit na watanni ukun, muka nemo sunan fidarmu ta gaskiya. Yuli 190, Agusta 175, Satumba 200. Ya buga mini shafukan da sunan ya fito kawai, don jerin yana da tsawo ƙwarai. Da bugawar da fotokwafin sauran takardu ban kashe dubu biyu ba.

Ƙaramin ofishin da ke kula da shiyyarmu na fara zuwa, da sassafe. Na tarar da mutane a kan benci, kusan kowa da takarda a hannu, ana ta ƙorafi. Wani tela yana rantsuwa rabon shagonsa da wuta tun kafin Sallah, wata tsohuwa ta zo da jikanta ya karanta mata. Da layi ya zo kaina na shimfiɗa takardun a tebur na ce an canza mini fida bisa kuskure. Ma'aikacin ya duba kwamfuta ya gyaɗa kai ya ce da alama haka ne, lokacin da aka sake lissafa gidaje abin ya faru da wasu. Amma ya ce su nan ba su da ikon taɓa bil, sai babban ofis, kuma da zan biya ko rabin kuɗin da ya fi sauƙi a saurare ni. Na ce masa ba ni da shi, kuma ko ina da shi ba zan biya abin da nake jayayya a kansa ba. Wannan haƙƙi ne da NERC ta bayyana ƙarara: wanda ba shi da mita, in yana jayayya da bil ɗin ƙiyasi, ba dole ya biya shi ba, abin da zai ci gaba da biya shi ne daidai da bil na ƙarshe da bai yi jayayya da shi ba, har a gama shari'ar. Nawa na Yuni ne. A nan take na biya daidai da shi a wajen mai karɓar kuɗi na karɓi rasit. Kada wanda ya karanta wannan ya fahimce shi a matsayin izinin daina biya. Wanda ya daina gaba ɗaya ya ba su hujjar yanka, kuma ranar da aka zauna shi ne zai fara kare kansa.

Kafin in fita na roƙi a buga mini tarihin akawun ɗin, wato takardar da ke nuna duk abin da aka ɗora da duk abin da aka biya wata bayan wata. Sai da na ɗan jira saboda firinta ba takarda, har na aika aka sayo. Wannan takardar ce ta warware mini bashin baya, wanda a bil layi ɗaya ne kawai ake rubuta Arrears a gefensa, dunƙule, ba bayani. A bil ɗin Satumba ya nuna 152,136. Da na bi tarihin sai na ga abu uku ne aka cuɗa wuri guda. Akwai naira 18,000 tsohon bashi tun zamanin mahaifinmu, watannin da yake jinya ana biyan rabi-rabi. Wannan namu ne, ba musu. Akwai bil biyu na Yuli da Agusta, 144,136. Sai aka cire dubu goma ɗaya tak, alhali sau biyu na biya. Biyan da na yi a watan Satumba bai shiga ba sam, ga rasit ɗin mai POS a aljihuna da lambar akawun daidai. Ba don na nemi tarihin ba da dubu goman nan ta bi ruwa, don ba yadda za a yi in gane ta a cikin jimilla mai lamba shida. Af, rasit ɗin POS rubutunsa gogewa yake da zafin aljihu, nawa ma ya fara dishi-dishi. A riƙa ɗaukar hotonsa tun a gaban mai shagon.

Da na koma gida na zauna na fitar da abin da ya kamata a ce ana bin mu. Yunit 190 da 175 da 200 sun haɗu 565. Sau hamsin, 28,250. Da haraji, 30,368 da kwabo saba'in da biyar. Abin da aka ɗora mana a watanni ukun kuwa 216,204 ne, rarar ke nan 185,835 da 'yan kwabbai. In aka haɗa tsohon bashin dubu goma sha takwas da kuɗin gaskiya na watanni ukun, aka cire dubu ashirin da na biya, abin da ya kamata ya fito a ƙasan bil ɗin Satumba shi ne 28,368, ba 224,204 ba. Da wannan na rubuta takardar koke, shafi ɗaya. Na sa sunan da ke kan akawun da lambarsa da adireshi da lambar wayata, na bayyana cewa ni ɗan mai akawun ne. Na faɗi watan da matsalar ta fara da sunayen fidojin biyu. Sannan na nemi abu uku a fili: a mayar da akawun kan fidarsa da rukuninsa, a cire rarar 185,835, a shigar da dubu goman da ke kan rasit mai lamba kaza. Na rubuta cewa na amince da tsohon bashin, kuma ina ci gaba da biyan daidai da bil ɗin Yuni. Ban sa zagi ba, ban sa labarin zafin gari da lalacewar kayan miya a firji ba, duk da bakina yana ƙaiƙayi.

A babban ofis akwai sashen sauraron koke-koken jama'a, doka ce ta wajabta wa kowane kamfani ya buɗe shi. Na isa wajen ƙarfe tara, ban samu shiga ba sai dab da azahar. Matar da ke teburin ta karɓi takardun tana shirin jefa su cikin fayil, na miƙa mata kwafi na biyu na ce, "Hajiya, don Allah a buga mini hatimi a nan, a sa kwanan wata." Ta ɗago ta kalle ni, ta buga, ta sa hannu, ta rubuta mini lambar koke a kusurwa. Duk cikin tafiyar nan ba takardar da ta kai wannan amfani. Daga ranar da aka buga hatimin ne ake fara ƙirga kwana goma sha biyar na aiki da aka ba kamfani ya warware koke, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Duk maganar da na yi da yaron bil da ma'aikacin ƙaramin ofis, a wajen doka kamar ba a yi ba ne, tunda ba a rubuce take ba. Kuma takardun asali ba su bar hannuna ba, fotokwafi kawai na bayar. Ba a karɓi ko sisi ba.

Ana cikin jiran ne masu tsani suka zo. Ina wajen aiki ƙanwata ta kira tana cewa, "Yaya, ga su nan sun jingina tsani." Dama na bar kwafin takardar mai hatimi da rasit na ƙarshe a cikin leda a ɗakin Hajiya. Na ce ta miƙa wa babbansu ta ba shi wayar. Muka gaisa, na ce, "Ranka ya daɗe, bil ɗin nan yana gaban ofishinku, ga lambar koke, ga abin da doka ta ce in biya na biya." Ya ce sunanmu yana cikin jerin da aka ba shi, amma ya kira wani ya karanta masa lambar, suka sauke tsani suka wuce gida na gaba. Hajiya ta gaya mini ɗaya daga cikin yaran ya yi ta zagaye-zagaye yana nuna a ba su na goro. Ba ta ba da ba, kuma ta yi daidai. Kuɗin da aka ba mai tsani ba ya rage ko kwabo a cikin kwamfuta, wata mai zuwa wani ne zai zo da tsaninsa. A ƙarshen Oktoban nan ne kuma manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, aka yi fiye da mako guda cikin duhu, kowa ya koma neman inda zai yi cajin waya, maganar bil ta ɗan kwanta.

Bayan an dawo da wuta wani injiniya ya zo da yaro ɗaya, suka bi wayarmu da ido daga bango zuwa falwaya zuwa taransifoma, ya rubuta a littafi, ya sha ruwa ya tafi. Aikin bai ɗauke shi minti goma ba. Bil na gaba ya zo da tsohon sunan fida, rukunin C, kuɗin wata ma ƙasa da dubu goma saboda duhun da aka sha ya rage iyakar. Dubu goman da ta ɓata ita ma ta bayyana. Amma layin bashin baya yana nan da nauyinsa, ba a cire rarar ba. Na koma sashen koke, aka ce an tura hedikwata, cire kuɗi mai yawa haka sai an sa hannu daga sama. A nan ne mutane da yawa ke sakin maganar, don bil ɗin wata ya dawo daidai, an daina jin zafi. Ni kuwa abin da ya hana ni saki shi ne na san ranar da aka sa mana mita mai kati, wannan bashin a kanta za a ɗora shi, a riƙa yankar wani abu duk lokacin da muka sayi yunit, kuma a lokacin ba wanda zai tuna da labarin fida.

Tunda wa'adin ya wuce, na ɗauki fayil ɗina na nufi ofishin Forum na NERC da ke nan Katsina. Wannan shi ne mataki na biyu, kuma ba na kamfani ba ne. Abu na farko da sakataren ya tambaya shi ne shaidar cewa na fara kai koke wajen kamfani. Wani bawan Allah da ya riga ni shiga, daga Daura ya taso, ba shi da ita, da baki ya yi ta zirga-zirga tsawon watanni, aka ba shi haƙuri aka ce ya koma ya rubuta tukuna. Na ji tausayinsa ƙwarai, ga kuɗin mota ga rana. Ni na ciro takarda mai hatimi, aka ba ni fom na cike, na haɗa kwafin komai. Nan ma kyauta ne, ba a kuma buƙatar lauya. Aka ce za a aika wa kamfani ya ba da amsa, in ba a sasanta ba a sa ranar zama.

An sa ranar. Na kwana ina tunanin kotu, ashe ɗaki ne da dogon tebur, masu sauraron kuma mutane ne daga wajen kamfanin, akwai injiniya, akwai wakilin 'yan kasuwa, akwai na masu kare haƙƙin masu saye. Aka ce in yi bayani da harshen da na fi sakewa, na yi da Hausa. Na ɗora bil ɗin Yuni kusa da na Yuli, na nuna sunan fida, na nuna takardun maƙwabta da jerin iyakar yunit. Wakilin kamfanin bai musa ba, ya ce rahoton injiniyansu ma haka ya nuna, jinkirin na sa hannu ne. Shugaban zaman ya tambaye ni, "Malam, dubu goma sha takwas ɗin nan fa?" Na ce namu ne, zan biya. Ina ganin wannan ya taimaka, domin daga nan ba wanda ya sake yi mini kallon mai gudun biyan kuɗi. Aka yanke cewa a sake lissafin watanni ukun a kan fidar gaskiya a cire rarar, aka ba kamfani wa'adi, aka kuma shaida wa ɓangarorin biyu cewa wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar kanta a Abuja cikin kwana goma na aiki. Na karɓi kwafin hukuncin a rubuce.

Gyaran ya fito a bil na biyu bayan zaman, a layin da aka rubuta Adjustment, da alamar ragi a gabansa. Ba tsabar kuɗi ake mayarwa ba, a cikin akawun ake cirewa, kuma da na riga na biya rarar da sai dai ta zauna a matsayin ajiya ana ci daga ciki wata-wata. Wannan ma dalili ne na ƙin biyan rabin da aka ce in biya tun farko. Adadin ya bambanta da nawa da 'yan ɗaruruwa saboda kwabban farashin da na yar a lissafina, na sake bugawa da ainihin farashin ya yi daidai.

Tun daga lokacin mutanen layinmu suke kawo mini bil in duba masu, kuma ba kowa ne ke da gaskiya ba. Wani ya zo yana kumfar baki, muka duba, yunit ɗinsa bai wuce iyaka ba, rukuninsa daidai, bashin kuma nasa ne na shekara biyu da yake biyan dubu uku-uku. Na ce masa ya je ya nemi a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, koke ba zai fisshe shi ba. Wani kuma yana da tsohuwar mita mai lambobi a bango, amma an daɗe ba a zo karantawa ba, takardarsa tana ɗauke da harafin E a wajen karatun mita, alamar ƙiyasi. Shi nasa ya fi nawa sauƙi. Muka haska mitar da fitilar waya, lambar da ke jikinta ta gaza wadda aka rubuta a bil a matsayin karatun yanzu da yunit sama da ɗari huɗu. Hoton mitar mai nuna lambarta da karatunta, da kwanan wata, shi ne duk hujjarsa. Akwai kuma masu cewa an sa su rukunin A amma ba sa ganin awa ashirin. Wannan koke ne daban kuma ya fi wuyar tabbatarwa, domin a kan fida ake auna awowin, ba a ƙofar gida ba, in taransifomarku ce ta lalace fidar tana iya cika awowinta ku kuna cikin duhu. Abin da ka'ida ta ce shi ne fidar rukunin A da ta kasa cika alkawari kwana bakwai a jere a sauke ta. Masu irin wannan koken gara su haɗu su riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa kullum, su kai a takarda ɗaya da sa hannun kowa.

Mu dai mun biya tsohon bashin kashi uku, na sake karɓar tarihin akawun da ke nuna ba a bin mu komai, sannan na cike takardar neman mita tare da ta mayar da akawun zuwa sunana, wadda aka nemi shaidar rasuwar mahaifinmu da katin shaidata na ɗan ƙasa kafin a karɓa. Mitar ba ta iso ba tukuna, don haka duk wata in an kawo bil ina duba sunan fida da farashin yunit, in gwada yunit ɗin da iyakar watan kafin in aika yaro wajen mai POS.